Na haɗa kason gadon da aka rubuta mana ya wuce ɗaya, kuskure ne?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni daga Aboabo nake a Kumasi. Yayana ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu, baba da mama suna da rai. Duk abin da ya bari an yi masa kuɗi ya kama sidi 260,000, ana binsa bashin 20,000. A takardar da aka rubuta mana an sa makarantar allo 1/10 (wasiyyarsa ce), mata 1/8, 'ya'ya 2/3, mama 1/6, baba 1/6. Na danna a kalkuleta ya ba ni 1.225, ba 1 ba. Dan Allah kuskure aka yi ne, kuma yaya zan tabbatar kafin mu sa hannu?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan yayanki, Ya sa ya huta, Ya ba baba da mama haƙurin rashi, Ya raya abin da ya bari.

Kar ku sa hannu tukuna, amma kuma kar ki je gida ki ce an cuce ku, don lambobin da ke takardar nan kowanne a karan kansa daidai yake, abin da ya rage shi ne ba a ƙarasa lissafin ba. An rubuta farkon aiki an tsaya. Kuma ke ma a wajen haɗawar kin zuba abu biyu da ba jinsi ɗaya ba a ƙwarya ɗaya, shi ya sa lambar ta ƙara kumbura.

Ni duk takardar rabo da aka kawo min, kafin in taɓa biro, tambayar da nake wa kowane kaso ita ce: kai ɗaya bisa kaza na mene ne? Domin 1/10 ɗin makaranta da 1/8 ɗin matar ba daga tukunya ɗaya ake ɗibarsu ba. Tsarin da shari'a ta sa shi ne a fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba kuma ba magaji aka yi wa ba, toh abin da ya rage bayan nan shi ne gado, shi ake yanka wa tumuni, wato 1/8, da sudusi, wato 1/6. A ayoyin gado na Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, an yi ta maimaita cewa rabon yana zuwa ne bayan wasiyya ko bashi. Saboda haka a naku 260,000 a cire 20,000 na bashi saura 240,000, zan ɗauka cewa hidimar jana'iza an riga an gama da ita tunda baki ambata ba, in kuwa daga dukiyarsa za a biya to ita ma a fara cire ta. Wasiyyar 1/10 daga cikin 240,000 ɗin nan take fita, wato 24,000, kuma ba ta kai ko kusa da sulusi ba don sulusin 80,000 ne, babu matsala a nan. Saura 216,000. Wannan 216,000 ɗin shi ne "ɗaya" ɗin da kike nema, shi ne kason magada huɗun nan ya kamata ya cike. Ki ɗauke 1/10 daga layin gaba ɗaya ki ajiye shi gefe.

Yanzu sauran huɗun. Ki bar kalkuleta tukuna, ko in ce ki bar lamba mai ɗigo. 2/3 a kalkuleta 0.6666 ne har ƙarshen allo, 1/6 kuma 0.1666, mutum sai ya gajarta ya rubuta 0.67 da 0.17, wani ya rubuta 0.66 da 0.16, kinga mutum biyu sun yi lissafi ɗaya sun sami amsa biyu, kuma in kuɗin da yawa ne wannan ɗan ɗigon da aka zubar sai ya zama sidi dubu da wani abu. Ko sulusi uku ma da kowa ya san ɗaya ne cif, in kika rubuta 0.33 sau uku 0.99 za ki samu, ki zauna kina neman inda sauran ya shiga alhali babu abin da ya ɓata.

Hanyar da malaman gado suke bi tun da can ita ce a nemi lamba mafi ƙanƙanta wadda duk lambobin ƙasa za su raba ta babu saura. Ita ake kira asalin mas'ala. Lambobin ƙasa a takardarku su ne 8 da 3 da 6. Ki gwada 12, takwas ba ta shiga cikinta daidai ba. Ki gwada 24: takwas ta shiga sau uku, uku ta shiga sau takwas, shida ta shiga sau huɗu. Shikenan asalinku 24 ne. Sai ki ɗauka kamar an kasa dukiyar kashi 24 a kan tabarma, kamar yadda mai goro yake kasa goronsa, kowa a ƙirga masa nasa. Mata tumuni, kashi 3. 'Ya'ya biyu sulusi biyu, kashi 16. Mama sudusi, kashi 4. Baba sudusi, kashi 4. Ki haɗa lambobin sama kaɗai: 3 da 16 sha tara, da 4 ashirin da uku, da 4 ashirin da bakwai.

27 kenan, alhali kashi 24 ne a kan tabarma.

Gwajin duka kenan fa, babu wani abu a bayansa: in jimlar saman ta yi daidai da ta ƙasa takarda ta cika, in ta gaza akwai dukiyar da ba a faɗi mai ita ba, in ta wuce an yi alkawarin abin da babu. Taku ta wuce da kashi 3. In aka bi takardar yadda take da kuɗi, 216,000 a raba 24 kowane kashi 9,000 ne, mata ta ɗauki 27,000, 'ya'ya 144,000, mama 36,000, sun kwashe 207,000, baba ya miƙo hannu yana jiran 36,000 sai a tarar 9,000 ne kawai ya rage a faranti. Kuma a aikace haka abin yake faruwa, ba a gane matsalar ranar rubutu, sai ranar biya, duk wanda ya zo ƙarshe shi ake bari da giɓin, daga nan sai zargi ya fara, ana cewa mai riƙe da kuɗin ya taɓa.

To amma wannan wucewar ba kuskuren marubuci ba ce. Mas'alar yayanki sananniya ce a ilimin gado har suna gare ta, Minbariyya, domin an ruwaito cewa an tambayi Sayyidina Ali ita yana kan mumbari yana huɗuba, mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, ya amsa nan take cewa tumuninta ya koma ɗaya bisa tara, ya ci gaba da huɗubarsa. Maganin sunansa auli, tun zamanin Sayyidina Umar aka fara aiki da shi, kuma mazhabobin nan huɗu duk a kansa suke, har da Malikiyya da akasarinmu a zango muka tashi a kai. Yadda ake yi ba wuya: ba a taɓa lambar saman kowa, lambar ƙasa ake ɗagawa ta koma daidai da jimlar. Maimakon a kasa dukiya 24 sai a kasa ta 27. Mata 3/27, 'ya'ya 16/27, mama 4/27, baba 4/27. Yanzu ki sake haɗawa, 27 bisa 27, ɗaya cif.

Da kuɗi: 216,000 a raba 27, kowane kashi 8,000. Mata 24,000. 'Ya'ya 128,000, kowacce 64,000. Mama 32,000, baba 32,000. Ki haɗa su: 24,000 da 128,000 ya zama 152,000, da 64,000 na iyaye ya zama 216,000. Ki ɗora 24,000 na makaranta, 240,000. Ki ɗora bashi 20,000, kin dawo kan 260,000 da kika fara da shi. Wannan komawa baya har ki iso lambar farko ita ce shaida ta biyu, kuma ni ba na sakin takarda sai na yi ta, domin kaso yana iya cika 27 bisa 27 amma a yi kuskure a wajen ninkawa, ko a manta an cire bashi sau biyu.

Akwai abin da nake so ki lura da shi sosai a nan, don shi ne inda masu kyakkyawar niyya suke ɓata rabo. Da zarar an gane cewa akwai giɓin 27,000, sai wani dattijo a zaman ya ce to ai abu mai sauƙi ne, gida huɗu ne, kowa ya haƙura da 6,750. A kunne kamar adalci. Amma ki duba matar: haƙƙinta 24,000 ne, a wannan hanyar za ta tashi da 20,250, an ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfin kasonta. Mama da baba su ma kowanne zai koma 29,250 maimakon 32,000, duk rarar ta tafi wajen masu babban kaso. Wani kuma sai ya ce a cire duka daga na matar tunda ita bare ce za ta yi wani aure, wannan kam zalunci ne tsagwaronsa, kuma a lissafinku da an yi haka ko sisi ba za ta samu ba tunda giɓin daidai yake da tumuninta. A auli kowa yana raguwa ne gwargwadon kasonsa, kowa ya rasa ɗaya bisa tara na abin da aka ambata masa: matar ta rasa 3,000, 'ya'ya 16,000, mama 4,000, baba 4,000, jimla 27,000. In kina so ki gane ko an yi auli daidai, ki duba ko na 'ya'ya har yanzu ya ninka na mama sau huɗu kamar yadda 16 ta ninka 4. 128,000 da 32,000, ya ninka. In wannan dangantakar ta karye to an rage wa wani fiye da wani.

Sai dai kar ki fita da tunanin cewa duk takardar da ta wuce ɗaya auli ce. Auli yana da iyakokinsa kuma an ƙirga su. Asali uku ne kaɗai suke hawa: 6 tana hawa zuwa 7 ko 8 ko 9 ko 10, 12 tana hawa zuwa 13 ko 15 ko 17, ita kuwa 24 sau ɗaya take hawa, zuwa 27, ba ta da wata. Wannan ma'auni ne mai kyau a hannunki. In kika haɗa takardar da asalinta 24 ne kika sami 26 ko 28 ko 30, ba sai kin tambayi kowa ba, akwai kuskure a ciki.

Na taɓa ganin irin wannan da idona a nan Kumasi, shekarun baya. Wani bawan Allah ya rasu ya bar mata biyu, sauran magadan irin naku sak. Wanda ya buga takardar a na'ura ya ga an ce mata tumuni, sai ya ba kowace layinta, uwargida 1/8, amarya 1/8. Aka kawo min ita a ninke cikin ambulan mai ruwan ƙasa, mutum biyar sun riga sun dangwala yatsa, tawadar ma har ta ɗan shafi gefen lambobin. Na ƙirga a bayan ambulan ɗin: 3 da 3 da 16 da 4 da 4, talatin. Na ce musu 24 ba ta zuwa 30. Tumuni ɗaya ne ake ba matan aure su raba tsakaninsu, ko ɗaya ce ko huɗu ne. Da a ce an bi ta kai tsaye an kasa dukiyar 30 wai an yi auli, lissafi zai cika 30 bisa 30 ba wanda zai ga komai, amma an ɗebe haƙƙin marayu da tsofaffi biyu an ƙara wa mata. Shi ya sa nake cewa cikar lissafi ba ta isa shaida ita kaɗai, takarda tana iya cika ɗaya cif kuma rabon ya zama ba daidai ba. Haɗa kaso yana kama giɓi da rara, ba ya gaya miki ko an ba mutum kason da ya dace da shi, ko an sa wanda bai kamata ya ci ba, ko an manta wani. Wannan aikin malamin da ya karanci gado ne. Kuma a taku takardar ma ki sa a rubuta ƙarara cewa 16/27 na 'ya'yan biyu ne a haɗe, kowacce 8/27, don kar gobe wani ya karanta shi da wata fuska.

Tunda na ambaci wanda aka manta, na lura babu sunanki ko na sauran 'yan'uwanku a takardar, kuma hakan daidai ne, muddin uba yana raye 'yan'uwan mamaci ba sa gado. Shi baba a irin wannan hali yana da sudusi sannan in wani abu ya ragu nasa ne, amma a nan babu ragowa tunda kason ma ya wuce.

Ɗaya ɓangaren, inda jimla take gazawa, ba naku ba ne amma ki san shi a taƙaice don wata rana. Misali mata da uwa da 'ya mace ɗaya: 3 da 4 da 12, sha tara bisa 24. Saura kashi 5. Dole takarda ta faɗi inda biyar ɗin nan za su, ko wajen asaba kamar ɗan'uwan mamaci ko baffansa, ko kuma in babu asaba a mayar wa masu kaso, abin da ake kira raddi, wanda a mafi yawan malamai miji ko mata ba sa shiga cikinsa. Haka in akwai ɗa namiji za ki ga an rubuta tumuni da sudusi sannan a ce "saura na 'ya'ya", wannan kalmar saura ita ma kaso ce, ki mayar da ita lamba ki rubuta. Takardar da ta tsaya a 19 ta yi shiru, to biyar ɗin nan suna hannun mai riƙe da dukiya ba tare da kowa ya sani ba.

Wani abu kuma da ya shafe mu mu da muke Gana. Wani lokaci za ki ga takarda daga ofishin loya da lambobi irin 3/16 da 9/16, kar ki ce sun yi kuskure, wannan ba lissafin fiƙihu ba ne, na dokar ƙasa ne, PNDCL 111 ta shekarar 1985, wadda take aiki a kan dukiyar wanda ya mutu bai bar rubutacciyar wasiyya da doka ta amince da ita ba. A cikinta in mutum ya bar abokin aure da 'ya'ya, bayan an ware kayan amfanin gida, da gida in guda ɗaya ne, waɗanda suke na abokin aure da 'ya'ya, ragowar ake rabawa: 3/16 abokin aure, 9/16 'ya'ya, 1/8 iyaye, 1/8 kuma bisa al'ada. Ki mayar da su kan 16, 3 da 9 da 2 da 2, sha shida cif. Ita wannan babu auli a cikinta, in ba ta cika 16 ba kuskure ne kawai. Kuma kinga nan ma tambayar farko ta dawo, 3/16 na ragowa ne, ba na duka dukiya ba. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a gauraya biyun a takarda ɗaya, a ɗauko tumuni daga nan a ɗauko 9/16 daga can. In akwai kuɗi a banki ko fili ko gida mai takardu a cikin abin da yayanki ya bari, za ku bi ta kotu neman takardar izinin kula da dukiya, to ku nuna wa loya takardar rabon naku tun kafin ranar biya, ya gaya muku yadda za a rubuta yarjejeniyar iyali ta zauna da ƙafafunta, musamman in 'ya'yan ƙanana ne ba su isa sa hannu da kansu ba.

Abin da za ki yi yanzu, ki koma wajen malamin da ya rubuta, ke da baba ko wani babba a gidan, cikin ladabi, ki ce Malam mun ga kason ya hau 27, muna roƙon a rubuta mana shi bayan auli. Ina kyautata zaton ya san da haka, da yawa suna rubuta kason da Alƙur'ani ya ambata su bar aulin a ka sai ranar rabo, amma takarda tana daɗewa fiye da zaman da aka yi, wanda zai karanta ta nan da shekara goma ba ya wajen. Sabuwar takardar ta fara da jimlar dukiya 260,000, ƙarƙashinta bashi 20,000 da sunan mai bin bashin, sai wasiyya 1/10 na 240,000 wato 24,000, sai a ja layi a rubuta abin rabo 216,000, sannan kowane magaji da sunansa da kasonsa bisa 27 da kuɗinsa a gefe, a ƙasa a rubuta jimla 27/27 da 216,000. In cikin dukiyar akwai abin da ba a sayar ba tukuna, kamar shago ko mota da aka yi wa ƙiyasi, to kason bisa 27 shi ne abin riƙo, kuɗin gefe zai canza in farashin sayarwa ya bambanta da ƙiyasin, sai a sake cire bashi da wasiyya daga sabuwar jimlar a raba saura 27.

Kuma dan Allah a rubuta cewa sabon sidi ake nufi, a karanta wa mama da baba da bakin da suka saba ji. Tun canjin kuɗi na 2007 har yau tsofaffinmu da yawa da tsohon lissafi suke ƙirga, sidi ɗaya sabo dubu goma ne a tsoho, 32,000 ɗin mama a kunnenta miliyan 320 ne. A faɗa mata duka biyun a gaban shaidu kafin ta dangwala yatsa.